Jimlar da Ta Sa Aka Rubuta Labarin

Gajeren labari irin wanda ake karantawa a rediyo ba ya cika wuce jimla biyar zuwa takwas, kuma guda ɗaya ce a cikinsu ta sa aka rubuta shi. Sauran 'yan rakiya ne. Wata tana faɗin inda abin ya faru, wata tana kawo dalilin da aka bayar, wata kuma tana waiwaye domin wanda bai ji labarin makon jiya ba. Dukkansu gaskiya ne, kuma wahalar ke nan, domin da ƙarya ce ake nema a fitar da aikin ya yi sauƙi. Abin da ake so shi ne a ɗauki gaskiya ɗaya a ajiye biyar, a kuma iya faɗin dalilin zaɓen.

Na yi shekaru ina wannan aiki a wani ofis, inda kowace safiya nake miƙa wa shugabanmu takarda mai ɗauke da labaran ranar, kowane labari layi ɗaya. Ba shi da lokacin karanta fiye da haka, kuma da layin nan yake shiga taro ya yi magana. A can na saba da yi wa kowace jimla tambaya guda: da a ce jiya aka karanta ta, za ta kasance gaskiya? Idan amsar i ce, waiwaye ce, kome daɗinta. Jigon labari yana cikin jimlar da jiya ba a isa a faɗe ta ba.

Bari mu gwada da abin da yawancinmu ba mu manta ba. Ga rahoto irin wanda aka yi ta ji ranar Juma'a 3 ga Maris, 2023. Ni na tsara jimlolin bisa salon labaran rediyo, amma abubuwan da ke ciki haka suka faru:

Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su ci gaba da zama halastaccen kuɗi tare da sababbi har zuwa ranar 31 ga Disamba, 2023. Alƙalai bakwai ne suka zauna a kan shari'ar a Abuja, kuma Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Kotun ta ce ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba kafin a janye takardun. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka fara shigar da ƙarar a watan Fabrairu, kafin wasu jihohi su bi sahunsu. Idan za a iya tunawa, a watan Oktoban 2022 ne gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun, yana mai cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ke yawo suna wajen bankuna. Ƙarancin takardun kuɗi ya haddasa dogayen layuka a bankuna da zanga-zanga a wasu garuruwa.

Jimla shida ke nan. Mu fara daga ƙasa. Dogayen layuka da zanga-zanga sun kai makonni ana fama da su, saboda haka ranar Alhamis ma gaskiya ne. Sanarwar Emefiele ta haura wata huɗu. Ƙarar jihohin uku ta kusa wata guda a gaban kotu. Jimloli uku sun tafi ke nan, rabin rahoton, ba tare da mun tsaya auna muhimmancinsu ba. Wannan shi ne amfanin tambayar: tana hana mutum shiga gardamar abin da ya fi nauyi. Idan aka ce a zaɓi abin da ya fi muhimmanci, wani zai ce wahalar da talaka ya sha, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Sai dai ba ita ce ta sa aka rubuta wannan rahoto a wannan rana ba.

Jimloli ukun farko duk sababbi ne, don haka tambayar jiya ba za ta raba su ba. A nan sai a koma ga cirewa. Cire jimla ta biyu ka sake karantawa: ba ka san alƙalai nawa ba ne, ba ka san wanda ya karanta ba, amma ka san abin da aka yanke. Cire ta uku: ba ka san hujjar kotu ba, amma har yanzu ka san hukuncin. Yanzu mayar da su ka cire ta farko. Sai ka ga alƙalai bakwai sun zauna, an karanta wani hukunci, an ce sanarwa ba ta isa ba, mai sauraro kuma yana nan yana tambaya, to sai me aka ce? Jimlar da idan aka zare ta sauran suka zama marayu, ita ce jigo.

Har zuwa nan abin bai da wuya, kuma ɗalibin sakandare zai iya. Inda ake tuntuɓe shi ne a cikin jimlar farkon kanta, lokacin da aka zo rage mata tsawo. Tana ɗauke da abubuwa da dama, wasu suna kama da ƙarin bayani alhali su ne ƙashin bayanta.

Ɗauki kwanan watan, 31 ga Disamba. Mai gaggawa yana ganin lamba sai ya ɗauka irin bayanin nan ne da ake iya barinsa. Amma hukuncin da ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi daban yake da wanda ya ce a ci gaba da karɓarsu na wata goma. Ɗan kasuwar da ya ji na farko zai iya mayar da kuɗinsa cikin akwati ya rufe. Wanda ya ji na biyu ya san sassauci aka yi masa, kuma akwai ranar da zai sake neman banki. Wa'adin wani yanki ne na abin da kotu ta ce. Wanda ya yar da shi ya faɗi hukuncin da ba a yanke ba.

Haka lambobin takardun. Da sauƙi a ce tsofaffin kuɗi kawai a wuce. Amma wanda ya bi labarin ya san cewa tun ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya ce a sake fito da tsohuwar naira 200 ta ci gaba da yawo har zuwa 10 ga Afrilu, ban da 500 da 1,000. Ke nan ga mai sauraron ranar 3 ga Maris, albishir ɗin yana cikin manyan takardun biyu. Idan layin ya yi ƙunci, ana iya cewa tsofaffin takardun duka uku, amma ba a yin shiru a kansu, don kada mutum ya zaci maganar ɗari biyun nan ce ake maimaita masa.

Sai na uku, wanda a ganina ya fi kowanne saurin salwanta idan labari ya fara yawo daga baki zuwa baki: wa ya faɗa. A yammacin ranar, saƙon da ya yi ta shigo mini a waya daga 'yan'uwa da abokai kusan kalma ɗaya ce, wai tsofaffin kuɗi sun dawo. Gajere ne, yana da daɗin ji, kuma ba shi ne abin da ya faru ba. Kotu ce ta yi magana. Babban Banki bai fito ya umarci bankuna su bi hukuncin ba sai ranar Litinin 13 ga Maris. A kwana goman nan, mutum yana iya miƙa wa mai shago tsohuwar dubu ɗaya a mayar masa da ita, mai shagon kuma yana da hujjarsa, tunda bai tabbata banki zai karɓa daga hannunsa ba. Wanda aka ce wa "Kotun Ƙoli ta ce" yana da abin da zai fahimci wannan da shi: kotu ta ce, saura a ga ko an bi. Wanda aka ce wa "sun dawo" sai dai ya yi faɗa da mai shago.

Saboda haka layin da zan miƙa a wannan safiya shi ne: Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin naira 200 da 500 da 1,000 har zuwa 31 ga Disamba. Akwai mai magana, akwai abin da ya ce, akwai iyakar maganar. Ban sa sunan alƙali ba, ban sa Abuja ba, tunda can Kotun Ƙoli take zama kullum, ban kuma sa shekarar ba, domin a watan Maris duk wanda ya ji Disamba ya san wadda ake nufi.

Me ya sa hannu yake yawan zuwa ga waiwaye? Na lura da sababbin ma'aikatan da muka koya wa aikin, kusan kullum jimla ta biyar da ta shida suke ɗaukowa. Ta biyar tana da adadi, adadi kuwa yana da kwarjini, yana sa mutum ya ji kamar ya kama wani abu mai ƙarfi. Ta shida tana da zafi, kuma kowa ya tsaya a layin nan. Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda ya shafi yadda muka taso muna ba da labari. Idan ka je wurin babba da magana, ba ka fara da ita. Ka gaisa, ka tambayi iyali, ka kawo asalin al'amarin tun daga tushe, sannan a ƙarshe ka ce dama abin da ya kawo ni ke nan. Tatsuniya ma daga farko take tasowa, abin da ake jira yana can ƙarshe. Labarin jarida a juye yake. Masu koyar da aikin suna kwatanta shi da dala da aka kifar, sai ka ɗauki dalar gyaɗa ka ɗora ta bisa kanta: faɗin yana sama, tsinin yana ƙasa. Mafi nauyi a farko, mafi sauƙi a ƙarshe, yadda idan wuri ko lokaci ya ƙure edita zai yanke daga ƙasa ba tare da ya taɓa labarin ba. Wanda ya kawo kunnen tatsuniya wurin labarin rediyo zai ɗauki jimlar farko a matsayin sallama, ya yi ta jiran magana, alhali an riga an yi ta.

Hausar 'yan jarida kuwa tana da alamominta, kuma tana da kirki wajen nuna su. Idan ka ji "idan za a iya tunawa", ko "tun da farko", ko "a baya dai", ko "dama dai", marubucin ne da kansa yake gaya maka cewa ya juya baya. Haka yankin jimlar da ya fara da "wanda" ko "wadda" bayan suna, kamar a ce gwamnan, wanda ya hau mulki a shekara kaza. Duk abin da ke tsakanin waƙafin biyu ana iya ɗage shi jimlar ta tsaya da ƙafarta.

Akwai guda ɗaya da nake so a yi hattara da ita: "wannan na zuwa ne bayan". Alamar waiwaye ce kamar sauran, amma tana ɗauke da wani abu a ɓoye. Tana ajiye abu biyu kusa da juna ta bar kunne ya ɗaura su. Da rahotonmu ya ce hukuncin na zuwa ne kwana shida bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, da bai yi ƙarya ba, kwana shidan ne. Amma mai taƙaitawa da ya mayar da shi "saboda an gama zaɓe kotu ta saki tsofaffin kuɗi" ya ƙirƙiro da'awar da rahoton bai yi ba. Yana iya zama ra'ayinsa, kuma yana da 'yancin riƙe shi, sai dai ba a sa shi a bakin labari. Mafi yawan taƙaitawar da na gani ta karkace, ta wannan ƙofa ta karkace: an ɗauko waiwaye an mayar da shi dalili.

Kanun labari ma ba abin jingina ba ne. Shi kansa taƙaitawa ce da wani ya yi cikin ƙuncin wuri, kuma abin da ya fi yawan yarwa shi ne iyakar magana. Ranar 8 ga Fabrairu, kwana biyu kafin cikar wa'adin 10 ga wata, wannan kotun dai ta dakatar da gwamnati daga aiwatar da wa'adin. Kanu zai iya cewa Kotun Ƙoli ta hana daina karɓar tsofaffin kuɗi, kuma za ka iya ɗora wannan kanun a kan labarin 3 ga Maris ya zauna daram. Alhali abubuwa biyu ne mabambanta. Na Fabrairu umarni ne na wucin gadi, kafin a saurari ƙarar, na Maris kuwa hukunci ne bayan an saurara. Kalmomin "na wucin gadi" a cikin jikin labarin suke, wataƙila a jimla ta biyu, kuma duk jigon da aka fitar ba tare da su ba ya wuce gona da iri. Shi ya sa ban taɓa yarda mai koyo ya kwafo mini kanu ba. Nakan ce ya rufe shi da hannu, ya karanta jikin, ya rubuta nasa layin, sannan ya buɗe ya gwada. Inda suka saɓa, a nan ake samun abin dubawa.

Kada kuma a ɗauka jigo kullum a jimlar farko yake. Dalar da aka kifar ƙa'ida ce ta masu bin ƙa'ida. Akwai wani nau'in rahoto da ya yi mana yawa, wanda ake ɗaukowa kusan kai tsaye daga takardar sanarwar ofishin watsa labarai. Yakan fara da cewa mai girma wane ya halarci taro kaza, ya yaba wa mahalarta, ya jaddada ƙudurin gwamnatinsa, ya yi kira ga jama'a su ba da haɗin kai. Sai can a jimla ta biyar, bayan "ya kuma bayyana cewa", a ce daga wata mai zuwa za a ƙara kuɗin makaranta, ko za a rufe wata kasuwa. Halartar taron sabon abu ne, jiya bai faru ba, saboda haka ya tsallake tambayar farko. Amma gwada cirewa. Cire halarta da yabo da kira, ba wanda zai wayi gari da wani abu daban. Cire jimla ta biyar, an ɓoye wa iyaye abin da zai taɓa aljihunsu. Aikatau irin su jaddada da yaba da yin kira ba su cika ɗaukar labari ba, domin bayan an yi su duniya tana nan yadda take. Waɗanda ake nema su ne irin su amince, soke, ɗage, kama, naɗa, ƙara, rufe. Wani lokaci ma, in an faɗi gaskiya, za ka tankaɗe rahoton kaf ba ka sami ko ɗaya ba, kuma amsar da ta dace ita ce babu labari a ciki. Nakan bar irin wannan daga takardar safe ɗungurungum.

Barin waiwaye yana da iyaka, kuma wanda ake yi wa taƙaitawar ne yake yanke ta. Layin da na rubuta a sama ya ishi mutumin Kano ko Gusau, wanda ya kwana a layin banki. Idan wani ɗan'uwa ne a Kumasi da bai bi labarin ba, zai tambaya, da can an daina karɓa ne? Shi sai a ƙara masa rabin jimla: bayan da Babban Banki ya sauya takardun ya kuma sa wa tsofaffin wa'adi. Iyakarta ke nan, gwargwadon abin da zai sa jigon ya yi ma'ana, ba kashi 80 cikin 100, ba jerin jihohi. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke hulɗa da naira kullum kuwa ba ya bukatar ko wannan, ya fi wasunmu sanin inda aka kwana. Jigon bai sauya ba a wurin su ukun, abin da ake jingina masa ne yake ƙaruwa ko ya ragu.

Labarin naira bai ƙare a Maris ba. Ranar 29 ga Nuwamba, 2023, saura wata guda wa'adin Disamba ya cika, Kotun Ƙoli ta sake zama bisa buƙatar gwamnatin tarayya, ta ce tsofaffin takardu da sababbi su ci gaba da yawo tare har sai an sake ba da sanarwa. Duk rahoton da aka rubuta a ranar sai da ya ambaci hukuncin 3 ga Maris da ranar 31 ga Disamba, amma yanzu a ƙasa suke, bayan "idan za a iya tunawa". Jimlar da muka sha wahalar tsamowa muka hana a taɓa mata ko lamba ɗaya ta koma cikin waɗanda edita zai fara yankewa. Kwanan watan da ya zama wajibi a Maris, a Nuwamba shi ne tarkon: wanda idonsa ya faɗa kansa ya ɗauko shi zai gaya wa mutane su yi maza su kai kuɗinsu banki kafin ƙarshen shekara, a daidai ranar da aka ce musu ba sai sun yi hakan ba. Layin wannan safiyar shi ne: Kotun Ƙoli ta cire wa'adin daina karɓar tsofaffin naira 200 da 500 da 1,000, ba ta kuma sa wata sabuwar rana ba.